Mai gwada ka da mai neman ceto: yadda muke amsa waya a shagon sola

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sannan a Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin wuta wa 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta a yini, wayar duk mai sana'ar sola a Kano ba ta hutawa. Ni ƙaramin kamfani gare ni, muna haɗa sola da inbata a gidaje da shaguna kuma muna gyara, ni da yarana. Saƙonni kam suna shigowa ba dare ba rana, amma fa ba duk wanda ya ce "Injiniya barka da aiki" ne yake da matsala ba. Wani taya farashi kawai yake yi, wani gwada iliminka yake, wani ma yaron wani shago ne aka turo ya kwashi lissafi kyauta, sannan a tsakiyarsu akwai wanda da gaske kayansa na lalacewa a daidai lokacin da yake rubuto maka. In ka yi musu amsa iri ɗaya ka cuci wani, ko dai kanka ko shi mai buƙatar.

Abin da yake ruɗar sababbin shiga sana'ar shi ne suna auna mutum da kyan rubutunsa. Alhali mai gwaji shi ya fi kowa tsara magana. Zai turo maka jeri tsaf: fanka uku, ƙwan fitila goma, talabijin ɗaya, firiza ɗaya, faranti nawa zan saka, batir nawa, waya mai kauri nawa, bireka mai amfiya nawa. Ka ga wannan tambayar ta ƙarshe, kaurin waya da girman bireka, magidanci da yake so ya kwana da fanka ba ya yin ta. Shi kuwa mai buƙata ta gaske yawanci saƙonsa a hargitse yake, sau da yawa ma murya ce ba rubutu ba, kana jin inbatar tana ƙara a bayansa, ba ya ma tambayar kuɗi sai can daga baya, abin da yake ta maimaitawa shi ne "yaushe za ku zo".

To amma ban dogara da wannan kaɗai ba, don akwai dattijon da rubutunsa a tsare yake kuma wallahi matsalarsa ta gaske ce. Abin da na koya wa yaron da ke riƙe wayar shago shi ne ya roƙi abu ɗaya ƙarami wanda sai mai kaya a gabansa ne zai iya bayarwa. In gyara ne, a ɗauko mana hoton fuskar inbatar yanzu-yanzu da hoton takardar da ke manne a jikinta. In sabon haɗi ne, wace unguwa ce, kuma rufin kwano ne ko na kankare. Wanda abin ya dama kafin ka ajiye waya hoto ya shigo, ko da ya yi duhu ko ya karkace. Mai gwaji kuwa sai ya tsallake tambayar ya koma kan tasa, "kai dai faɗa min nawa ne", ko ya ce ba ya gida, gobe ma ba ya gida.

Bari in ba da misalin mai buƙata, don a nan ne amsa take da nauyi. Wata Hajiya mai sayar da zoɓo da kunun aya da ƙanƙara ta kira bayan isha'i, ba mu muka haɗa mata ba, lambarmu ta samu a wajen maƙociyarta. Inbata na ta kuka tana ɗaukewa, firiza cike da kayan gobe. Yaron ya ce, "Hajiya ki yi haƙuri, kafin komai, kina jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai a wajen batiran? Ko akwai wanda ya kumbura ko ya yi zafin da ba a iya taɓawa?" Wannan ita ce tambayar farko kullum, saboda batirin ruwa in caji ya yi masa yawa yana fitar da iska mai kamawa da wuta, in an ce akwai wari to maganar gyara ta tsaya, a buɗe ƙofa da taga, kar a kunna ashana ko a taɓa kan batir da ƙarfe, a kashe inbatar a fitar da yara daga ɗakin. Ta ce babu wari. Sai aka ce ta ɗauko hoton fuskar. Inbata ce mai bolt 24, batir biyu masu 200Ah kowanne, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ajiyewa, an rubuta LOW BATTERY, lambar tana nuna wajen 23, amma da zarar firiza ta yunƙura za ta tashi sai ta faɗo ƙasa da 21 inbatar ta yanke.

Daga wannan hoton kaɗai mun san abubuwa da dama. Firizar da ke cin wat 150 tana tafiya, lokacin da kwamfiresa zai tashi tana jan ninki uku zuwa biyar na haka na ɗan daƙiƙa, batir mai lafiya yana ɗauka ba ya ko gezau, wanda ya gaji kuwa a nan yake durƙushewa. Kuma ta ce ranar an yi rana sosai, ƙarfe tara na dare bai kamata a ce batir ya ƙare ba. Amsar da muka ba ta a daren ba farashi ba ce. Cewa aka yi ta cire firizar daga soket don kashewa da kunnawar nan tana iya ƙona kwamfiresa, ta bar fitila da fanka ɗaya, kuma kar a buɗe murfin firizar ko sau ɗaya, ta lulluɓe ta da bargo, firizar da ke cike da ƙanƙara in ba a buɗe ba tana kai wa safe cikin sauƙi. Sannan aka faɗa mata lokaci takamaimai, ƙarfe takwas na safe muna ƙofar gidanki, da kuɗin zuwa dubawa, don kar ta kwana tana zullumi. Mai buƙata abu uku yake so ya ji: abin da zai yi yanzu, abin da kar ya yi, da lokacin da za a zo. Dogon bayani kan bambancin litiyam da batirin ruwa a wannan daren zalunci ne.

Da safe muka sa mita a kan kowane batir shi kaɗai. Ɗaya 12.6, ɗayan 10.5. Batiri mai bolt 12 ɗakuna shida ne a cikinsa kowanne kusan bolt 2, in ka ga ya sauka da kusan biyu cif haka to ɗaki ɗaya ya mutu, kuma tunda a jere aka haɗa su, mara lafiyan ya ja mai lafiyan ƙasa. A nan ne kuma ake gane mai tsoron Allah a sana'ar, don mutumin da ke cikin matsi duk abin da ka ce zai saya, kana iya cewa inbatar ce ta ƙone ta yarda. Mun faɗa mata gaskiya, inbata lafiyarta ƙalau, batir ɗaya ne, kuma haɗa sabo da tsoho yana rage wa sabon kwana, abin da ya fi shi ne a canja biyun, in kuɗi bai kai ba a nemo wanda shekarunsa suka yi kusa da na mai lafiyan a lallaɓa kafin ta tara. Ta zaɓi lallaɓawa, mu kuma muka wanke mata farantan da ƙura ta rufe, abin da mutane ke mantawa da shi musamman lokacin hunturu.

Shi kuma mai jerin nan na fanka uku fa? Ba na wulaƙanta shi, ba na kuma yi masa ƙarya, don cikin masu gwaji akwai Alhajin da yake da gidajen haya ko makaranta, ya riga ya san amsar, so yake ya ga ko za ka zuga masa kaya. Irin wannan in ka ce faranti goma don ka ga alamar kuɗi, shi ke nan ba za ka sake jin sa ba. Don haka ina ba shi lissafi na gaskiya amma a dunƙule. Fanka uku masu wat 60 na awa takwas, in ka ninka wat da awa, wat-awa 1440 ke nan, ƙwai goma masu wat 10 na awa shida 600, talabijin mai wat 80 na awa biyar 400, firiza a ba ta wajen 1200 a yini, jimla 3640. A ƙara abin da ke ɓacewa a waya da inbata da caji, ya kai kusan 4700. A raba da awa biyar na rana mai ƙarfi, ka ga ana neman wat 940, wato faranti uku masu wat 400 sun isa har da ɗan rara. Batir kuwa, guda biyu masu bolt 12 da 200Ah a lissafi wat-awa 4800 ne amma rabi kawai ake ci in ana so su daɗe, 2400 ke nan, da ƙyar su kai asuba da firiza a kai, don haka ko huɗu ko litiyam mai kilowat-awa biyar.

A nan nake tsayawa. Sai in ce, "Ranka ya daɗe, kaurin waya da bireka da kwantirolar caji sai mun ga nisan rufi zuwa ɗakin batir, akwai kuɗin zuwa aunawa, in aka ba mu aikin za a cire shi daga ciki." Ba rowa ba ce zalla, da gaske kaurin waya da nisa yake tafiya, in na faɗi lamba a waya wani ya je ya ja siririyar waya mita ashirin ta yi zafi, sunana za a kira. Farashi ma ina rubuta cewa na kwana uku ne, kowa ya san yadda kaya ke bin dala a Sabon Gari. Yaron wani shago a nan yake ɓacewa, mai taya farashi ya ce zai yi shawara, wani ya dawo bayan wata biyu da ya tara kuɗi, shi ya sa ba na rufe masa ƙofa da baƙar magana. Abin da ba na yi shi ne in bi shi da kira, ko in ɗaga aikin wani saboda shi.

Akwai wuri ɗaya da na hana yarana yin wannan tantancewar gaba ɗaya. Duk wanda ya ambaci hayaƙi, wari, tartsatsi, ko ya ce ƙarfen inbata yana jan mutum, a ɗauke shi mai gaskiya ko da muryarsa ta yi kama da ta mai wasa, ko da lambar ta taɓa ɓata mana lokaci. A faɗa masa ya kashe inbata, ya sauke birekar faranti kafin ta batir, don kwantirola da yawa suna lalacewa in aka cire musu batir rana na shiga, kar kuma ya watsa ruwa. In wasa yake mun yi asarar minti biyu na kati. Haka ma mai ajiye magani a firij, irin masu ciwon suga da ke ajiye allurar insulin, ko ƙaramin kemis, waɗannan suna hawa saman layi ko da akwai babban aiki a hannu, kuma in mun san ba za mu iya zuwa a ranar ba muna faɗa musu tun a kiran farko mu ba su lambar wani abokin sana'a da ya fi kusa da unguwarsu.