Kuɗin da ke cikin waya, sai ya fito ake yarda da shi

Shekarar da na fara sana'ar saka wa mutane kuɗi a asusun waya da cire masu na ɗauka talla ita ce lasifika. Na yi hayar mota ranar kasuwa a wani gari da ke bakin fadama, gabas da Argungu, na ɗauko yara uku da riguna masu tambarin kamfani, muka yini muna shelar a zo a buɗe asusu a waya kyauta. Mutane sun zo kuwa, har layi aka yi. Kafin la'asar mun buɗe wa mutum kusan ɗari biyu, na koma gida ina lissafin kamasho. Bayan wata uku na duba, waɗanda suka taɓa saka ko naira ɗari a ciki ba su kai ashirin ba. Sauran hular da muke rabawa ce ta kawo su.

Yanzu ina da wakilai bakwai a ƙauyukan da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, kowa da na'urarsa ta POS da laimarsa, kuma rabona da hayar lasifika tun daga ranar nan. Manomin da bai taɓa shiga banki ba, ba ya tambayar yadda ake saka kuɗi a waya. Tambayarsa guda ce: in na saka, wa zan riƙe in na zo nema? Kamfanin yana Legas ko Abuja, bai san ƙofarsa ba. Wanda ya sani shi ne yaron da ke zaune ƙarƙashin laima, ya san ubansa, ya san gidansu. Shi ya sa ba na ɗaukar wakili daga birni in kai shi ƙauye, ko da ya fi iya latsa waya. Ɗan gari nake nema, mai iyali a nan, sai kuma mai unguwa ya tsaya masa. Latsa na'ura ina koya wa mutum cikin kwana uku.

Da sabon mutum kuma ba ma dogon bayani. Mukan ce masa ya kawo dubu biyu. Wakili ya saka masa a asusunsa, ya ji wayarsa ta yi ƙara, a karanta masa saƙon. Sannan a ce ranar kasuwar garin gaba ya je wajen wakilinmu na can, wanda bai ga lokacin da aka saka ba, ya ce a ba shi kuɗinsa. Cajin wannan cirewa ta farko ni nake biya. Wani dattijo da ya yi haka ya dawo yana dariya, ya ce wa yarona: “Ɗana, ashe kuɗɗin sun riga ni zuwa.” Mako biyu bayan nan ya kawo kuɗin buhu huɗu na shinkafa.

To amma wannan gwajin yana da sharaɗi, kuma a nan ne wahalar sana'ar take: dole tsabar kuɗi ta kasance a jakar wakili duk ranar da aka zo. Jarin wakili kashi biyu ne, akwai na hannu akwai na cikin na'ura, kuma jimillarsu ba ta canzawa, zuba su kawai ake yi daga wannan tulu zuwa wancan. Wanda ya cire dubu goma ya rage na hannu ya ƙara na na'ura. Wanda ya kawo ajiya ya yi akasin haka. A birni masu sakawa da masu cirewa kan yi kusan daidai. A ƙauye ba haka ba ne. Kuɗi shigowa suke yi ta waya, daga 'yan ci-rani da ke Legas da Ibadan, da kuma dillalan shinkafa da albasa masu biya da tiransifa, su fita a takarda. Wakilin da na sallama da dubu ɗari biyar a hannu da dubu ɗari a na'ura da safiyar kasuwa, lokacin kaka, kafin azahar jakarsa ta bushe, na'ura kuwa ta cika da kuɗin da ba mai iya sayen gishiri da su. Daga nan duk wanda ya zo sai a ce masa “babu kash”. Wakili yana ganin ƙaramar magana ce. Wanda aka faɗa wa kuwa abin da ya ji shi ne kuɗinsa sun maƙale, kuma da daddare a majalisa haka zai ba da labari.

Zuwa banki a tsakiyar ranar kasuwa ba dabara ba ce, tafiyar awa guda ce a babur, ga layi, ga hatsarin ɗaukar kuɗi a hanya. Abin da ya fisshe ni shi ne neman waɗanda matsalarsu kishiyar tawa ce. Mai gidan mai da mai shagon taki suna tara takardun kuɗi tun safe, su kuma so suke su tura Kano ko Anaca su sayo kaya. Muka yi yarjejeniya: ƙarfe sha biyu yarona ya je ya karɓi dubu ɗari uku a hannu, ya tura masu daga na'ura nan take, ba caji a tsakaninmu. Su sun huta da kwana da kuɗi a shago, ni jakata ta sake cika. In za ni buɗe sabon wuri yanzu, kafin in ƙirga manoma, irin waɗannan mutanen nake fara nema. Tun Disambar 2024 kuma Babban Bankin Najeriya ya kayyade abin da mutum ɗaya zai cire a wajen wakili, naira 100,000 a rana, wakili kuma kada ya wuce miliyan 1.2, don haka mai kuɗin buhu ashirin tun ranar farko muke gaya masa ba a yini ɗaya zai kwashe ba. Gara ya ji daga bakinmu da wuri da ya ji ranar da yake gaggawa.

Sai ranar da sabis ya yi halinsa. Wani magidanci, ɗansa ya turo masa dubu arba'in na maganin matarsa. Ya zo da ƙaramar wayarsa, aka latsa lambobin, ya tura wa wakilina. Saƙo ya shigo masa cewa an cire, a na'urarmu kuwa ba abin da ya shigo. Ya tsaya da waya a hannu yana nuna wa duk mai wucewa, jama'a suka fara taruwa. Yaron ya kira ni muryarsa na rawa.

Dokar da nake koya masu ita ce alat ba shaida ba ne, domin akwai na bogi, ni kaina an taɓa cin dubu ashirin da biyar ɗina da shi. Shaida ita ce jerin cinikin da ke cikin na'ura. In an duba an ga kuɗin ba su shigo ba, to suna ɗayan wuri biyu: ko suna hanya za su faɗo mana, ko za su koma wa mai su. Sau da yawa cikin awa kaɗan ake ganin ɗaya daga ciki, wani lokaci sai an kwana biyu ko uku, har sai an kai ƙorafi. Amma wannan bayani ba ya sayen allura. Na ce wa yaron ya buɗe littafin rikici, wanda kowane wakilina ke da shi, ya rubuta rana da lokaci da adadi da lambar cinikin da ke jikin saƙon, ya kira mai shayin da ke gefe ya zama shaida. Sannan ya ba mutumin dubu ashirin daga kuɗin da na ware don irin wannan rana, a kan cewa in kuɗin sun faɗo mana za a kai masa cikon har gida, in kuma sun koma wayarsa zai dawo ya biya. Na karɓi wayar na ce, “Baba, ka yi haƙuri, kuɗinka ba su ɓace ba, in sun ɓace ni zan biya.” Ya ce, “Alhaji, na ji ka, Allah shi kai mu.” Washegari da hantsi suka koma wayarsa, ya zo da kansa muka daidaita. Kamfanin da abin ya faru a layinsa, sai bayan kwana huɗu suka amsa ƙorafin da na shigar.

Ba kowa ke dawowa ba. Cikin shekara guda mutum biyu sun tafi da nawa, kuma ban kai kowa gaban hakimi ba. Na lissafa asarar ba ta kai kuɗin hayar mota da lasifikar nan ba.

Mutanenmu ba su manta farkon 2023 ba, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi wuya har wasu masu na'ura suka riƙa karɓar dubu biyu a kan dubu goma. Da yawa a ƙauye a lokacin suka fara karɓar tiransifa, don ba yadda za su yi, kuma a lokacin ne suka koyi cewa mai na'ura na iya yanka su. Shi ya sa cajinmu a rubuce yake a allo da manyan lambobi, da boko da ajami, wakilin da ya ƙara ko naira hamsin a kai kuwa na karɓe na'urata.

Abin da har yau ban gama shawo kansa ba shi ne lambar sirri. Mutum ya yarda da wakili, sai yardar ta wuce gona da iri: ya miƙo waya ya ce “kai dai ka san lambar, cire mini.” Wasu ma cewa suke wakili ya zaɓa masu. Na hana, domin ranar da naira ɗaya ta yi ɓatan dabo a asusun nan, yarona ne ɓarawo ko bai taɓa ba, kuma ba ni da abin kare shi. Wanda bai iya karatu ba muna koya masa da wurin maɓalli, sama hagu, tsakiya, ƙasa, ya yi ta latsawa a wayar da ba layi har yatsansa ya riƙe, wakili ya juya baya ya saka tasa. Muna kuma nanata masa cewa duk wanda ya kira ya ce daga kamfani yake, a faɗa masa lamba ko a karanto masa saƙon da ya shigo, ɓarawo ne, ko da ya ambaci sunansa daidai.

Wajen mata abin ya ƙara wuya. Tun ƙarshen 2023 ko ƙaramin asusu, wanda ba ya riƙe fiye da naira 300,000, sai da lambar NIN ko BVN ake buɗe shi, mata da yawa kuwa layin da ke hannunsu da sunan miji ko ɗa aka yi rajistarsa. Kuɗin ƙuli-ƙulinta da na adashinta ba ta son su zauna inda wani zai iya cirewa, kuma tana da gaskiya. Bara na ɗauki wata malamar Islamiyya, na ba ta na'ura da jarin dubu tamanin, tana shiga gidaje bayan la'asar. Watanta na farko ba ta buɗe asusu ko ɗaya ba, rakiyar mata wajen yin katin ɗan ƙasa kawai ta yi ta yi, ni ke biyan kuɗin mota. A wata na uku uwar adashin unguwarsu ta kira ta cikin ɗaki, ta jawo wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado, ta ce a fara da dubu biyu tukuna.