Wutsiyar da ta kayar da 'yan aji shida

Laraba, bayan sallar isha'i.

Yau na shiga aji shida da niyyar mu yi rubutun wasiƙa, amma ko alli ban ɗaga a kan wasiƙa ba. Jiya da dare na zauna makin gwajin da na ba su, sai na tarar tambaya guda ta kwashe ƙafar kusan kowa, har da yaran da nake tinƙaho da su. Tambayar kuwa a kan 'yar gajeruwar tambayar nan ce da ake liƙa wa jimlar Turanci a ƙarshe, irin su *isn't it?* da *didn't she?*, wadda littafinsu ke kira *question tag*. Ni wutsiya nake ce mata a aji, su ma sun saba da hakan.

Da na shiga sai na rubuta ta a allo yadda take a takarda:

*Musa's hardly eaten since morning, ______?*
*A. isn't he  B. hasn't he  C. has he  D. is he*

Na ce wanda ya zaɓi A ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi. B ma haka, har sun fi yawa. C kuwa yarinya ɗaya ce can baya kusa da taga, ita ma a ɗarare ta ɗaga, tana waige-waige.

Na fara da masu A. Wani yaro ya miƙe ya ce, "Malama, ai ga *'s* nan a jikin Musa, *is* ke nan." Na ce to, warware ta mu ji, karanta jimlar da *is* ɗinka a cike. Ya karanta, *Musa is hardly eaten*, bai kai ƙarshe ba ajin ya fashe da dariya, don jimlar ta koma cewa Musa ne ba a cika cinyewa ba. Na bar su suka gama, sannan na ce wannan shi ne aiki na farko kullum: kafin ka kalli wutsiya, nemo mataimakin aikatau na jimlar, in an dunƙule shi ka warware shi. Wannan *'s* fuska biyu gare ta. A *He's going* tana nufin *is*, a *He's gone home* tana nufin *has*. Abin da ke biye da ita shi ke tona ta. Idan aikatau mai *-ing* ne, ko suna, ko sifa, to *is* ce. Idan sigar nan ta uku ce ta aikatau, irin *eaten* da *taken* da *written*, sai a yi zargin *has*. Na ce zargi, ban ce tabbas ba, domin a *The door's locked* sigar ta uku ce amma *is* ake nufi, tunda ƙofa ba ta kulle komai ba, ita aka kulle. Saboda haka ma'ana ce ke yanke hukunci: Musa ne mai cin abincin, ga kuma *since morning* da ke nuna abu ne da ya faro tun safe ya kawo yanzu. *Has* ce. A da D sun faɗi tare.

Masu B suka fara murna, wani har da buga benci. Na ce ku dakata, da saura.

Ƙa'idar da suka haddace tun ƙaramar sakandare daidai take: jimlar tabbatarwa tana ɗaukar wutsiya mai korewa, jimlar korewa tana ɗaukar wutsiya marar korewa. *She is here, isn't she? She isn't here, is she?* Matsalarsu ita ce da ido suke neman korewar. In ba su ga *not* ko *n't* ba, shi ke nan, jimla ta zama ta tabbatarwa a wurinsu. Na tambayi yarinyar da ke bakin taga me ya sa ta zaɓi C. Ta ce, "Malama, na ga kamar bai ci abincin ba ne." Na ce faɗi da Hausa yadda za ki gaya wa Mama a gida. Ta ce, "Musa bai ci wani abin kirki ba tun safe." Na ce to kun ji, ga *bai* ga *ba* sun fito da kansu. Kalmar *hardly* korewa ce a ɓoye, kuma tana da 'yan'uwa: *never, seldom, rarely, scarcely, barely*, sai *few* da *little* idan babu *a* a gabansu, sai kuma *nobody* da *nothing*. Duk jimlar da ɗayansu ya shiga ta riga ta koru, wutsiyarta ba ta buƙatar *n't*. Mai sayen tumatir a kasuwar Tudun Wada ba ya biyan kuɗi don ya ga na sama sun yi ja, sai ya sa hannu ya taɓa na ƙasan kwando. Amsa dai *has he* ce.

A kan *few* da *a few* muka ɗan daɗe, don na ga fuskokinsu ba su gamsu ba. *Few students came* ƙorafi ne, mai maganar na cewa kusan ba wanda ya zo, don haka *did they?* za ta biyo baya. *A few students came* kuwa yana cewa an samu waɗansu sun zo, sai *didn't they?* Harafi guda ne tsakani, amma ya juya wutsiyar gaba ɗaya. A nan ma na nuna musu abin da ake yi in jimla ba ta da mataimakin aikatau ko kaɗan: *came* ita kaɗai ce, kuma aikin ya wuce, sai a aro *did*. Da *come* ce a aro *do*, da *comes* ce a aro *does*.

Abu na uku bai ci mana lokaci ba. Wutsiya ba ta ɗaukar suna, wakilin suna take ɗauka, don haka Musa ya koma *he*. *Nobody* da *everybody* suna komawa *they*, *nothing* da *everything* suna komawa *it*. Na ce su rubuta a bangon littafinsu da jeri: aikatau, korewa, wakilin suna. Wani ya ce wannan bincike ai zai ci lokaci a jarrabawa. Na ce takardar zaɓi-ɗaya ta Turanci a WAEC tambaya 80 ce cikin awa guda, wato daƙiƙa 45 ga kowace tambaya, kuma wanda hannunsa ya faɗa ba zai kashe rabin haka a kan wannan ba.

Ni ban ga laifin yaran sosai ba. A Hausa wutsiyarmu ba ta sauya kama. Ka ce "ya tafi, ko?", ka ce "ba su zo ba, ko?", ka ce "za ki dawo gobe, ko ba haka ba?", ba ruwanta da wane ne ya yi aikin ko yaushe aka yi shi. Shi ya sa mutanenmu suka kama *isn't it?* suka mai da ita "ko" ta Turanci, suna liƙa ta a bayan kowace jimla. Ko a cikin keken da na hau daga Ƙofar Doka da safe sai da na ji wani mai rataye da katin aiki yana waya yana cewa *You will come tomorrow, isn't it?* Wanda yake magana da shi ya gane sarai, ba abin da ya lalace. Mai makin jarrabawa ne dai ba zai karɓa ba, *won't you?* yake nema.

Da tara muka zauna a ofishin malamai, na ba babban malaminmu na Turanci labari, dattijo ne da ya kusa ritaya. Ya saurara yana kaɗa shayi, sannan ya ce, "Malama, to me za ki ce musu a kan *She has a car*?" Na ce, "Baba, *doesn't she* zan ce." Ya ce shi a zamaninsu *hasn't she* aka koya musu, kuma har gobe ita yake faɗi. Muka ɗan ja. Gaskiyar magana duka biyun suna nan a Turanci: idan *has* na nufin mallaka, Turawan Ingila suna faɗin *hasn't she*, *doesn't she* kuma ta fi yaɗuwa, musamman wajen Amurkawa. Inda babu ja-in-ja shi ne idan *has* ba mallaka take nufi ba. *She has breakfast at seven* cin abinci ne, wutsiyarsa *doesn't she*. Ita ma *She has to go* da *doesn't she* ake rufe ta. Na ce ni dai ba zan sa jimlar mallakar nan a gwaji da zaɓin biyu a jere ba, don zalunci ne a kayar da yaro a kan abin da masu harshen ma suka rabu biyu. Baba ya ce wannan kam ya yarda, amma ya ƙara min da wata da ban taɓo a aji ba, wato *'d*. *He'd come if you asked* tana ɗauke da *would*, *He'd left before noon* tana ɗauke da *had*. Sai fitinannun biyu da masu shirya tambaya ke so: *You'd better go* wutsiyarta *hadn't you*, *You'd rather stay* wutsiyarta *wouldn't you*. Na rubuta su a bayan rajista.

Zafi ya yi yawa da rana, ba wuta, ban iya komai ba bayan na dawo sai kwanciya a tabarma.

Bayan la'asar 'yar yayata da ke shirin JAMB ta zo daga Gyallesu da littafin tsofaffin tambayoyi. Wutsiyoyin ba su ba ta wahala ba, har su *I am late, aren't I?* da *Let's go, shall we?* ta san ba sa bin ƙa'ida, haddace su ake yi. Wajen amsawa ne ta tuntsure. Na ce mata, *You haven't prayed, have you?* Ta ce, *Yes, I haven't.* Na ce me kike nufi? Ta ce, "Anti, ai gaskiya kika faɗa, ban yi ba, shi ya sa na ce e." A Hausa daidai ta yi. In aka ce maka "ba ka ci ba, ko?" sai ka ce "e, ban ci ba", kana gaskata mai tambaya. Turanci ba mai tambaya yake bi ba, abin da ya faru yake bi. In ba a yi aikin ba amsa *No, I haven't* ce, in an yi *Yes, I have* ce, ko da wace siga aka yi tambayar. Na ce mata hanyar gane kuskuren mai sauƙi ce: duk inda ta ga *yes* da *n't* a amsa guda, ko *no* ba tare da korewa a bayanta ba, wani abu ya karkace.

Ta yi shiru, sannan ta ce ta taɓa jin ana cewa *So you've finished, have you?*, ba korewa gaba ba korewa baya, shin kuskure ne? Na ce a'a, ana faɗin haka, yawanci in mutum na mamaki ko gatse, ko yana maimaita abin da ya fahimta yanzun nan. Amma in ta ga gurbi a takardar jarrabawa, ƙa'idar juyawa za ta bi. Na kore ta ta je ta yi sallar tukuna, ta dawo muka ƙarasa shafin.

Gobe aji shida na da darasi biyu a jere. Na farko zan ba su jimloli goma, kowace da tarko biyu irin na Musa, in hana su rubuta wutsiya sai sun ja layi a ƙarƙashin aikatau sun zagaye kalmar korewa in akwai. Su *'d* na Baba za su shiga ciki. Wasiƙar kuma ta jira darasi na biyu.