Kyandir ɗaya, lambobi huɗu: darasin farko a shagona

Shagona ɗan ƙarami ne a unguwar Zariya, nan Maraɗi, kuma sana'ata koya wa mutane karanta taswirar farashi. Duk wanda ya shigo, ko da ya ce ya daɗe yana saye da sayarwa a waya, ba na barinsa ya taɓa maɓallin saye sai ya iya karanta mini kyandir ɗaya da bakinsa, wato ɗan zanen da ke nuna motsin farashi a cikin wani ƙayyadadden lokaci.

Daga gefe muke farawa. Layin ƙasa lokaci ne, yana tafiya daga hagu zuwa dama, abin da ke ƙarshen dama shi ne yanzu. Layin da ke tsaye a dama farashi ne. Sai in tambayi ɗalibi: farashin me, da wane kuɗi? In an rubuta XAUUSD, zinari ne da dalar Amurka, kuma farashin oza ɗaya ne, wato kimanin giram 31. Nakan sa su nemi Yuro da sefa su gani, layi ne a miƙe, domin an ɗaure Yuro ɗaya a kan kimanin sefa 656. Shi ma layin farashi yana miƙewa yana takurewa da kansa don ya cika fuskar waya, shi ya sa motsin dala biyu zai iya bayyana kamar tsauni. Lambobin ake karantawa, tsawon da ido ya gani bai isa hujja ba.

Ni a hannun kawuna ɗan canji na taso, muna canjin naira da sefa ga masu bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya. Kullum yakan rubuta abu huɗu a littafi: yadda aka buɗe da safe, inda ya fi hawa, inda ya fi sauka, da yadda aka tashi da yamma. Da na fara ganin kyandir a kwamfuta, lambobin kawu na tarar an zana. Shi ya sa har yau ɗalibaina da fensir da takarda mai gida-gida suke fara zanawa, kuma ina alfahari da hakan.

Ga misalin da nake ba su. A ce kyandir ne na awa ɗaya a zinari: ya buɗe a 2400, ya hau 2412, ya sauka 2395, ya rufe a 2404. Jikinsa mai kauri yana tsakanin buɗewa da rufewa, dala 4 ke nan. Tunda an rufe sama da inda aka buɗe, kore ne, buɗewa na ƙasan jiki, rufewa na sama. Da ja ne, sai su musanya wuri. Lagwanin sama daga 2404 zuwa 2412, dala 8. Na ƙasa daga 2400 zuwa 2395, dala 5. Baƙo zai ga kore ya ce masu saye sun yi nasara. Ni kuwa sai in nuna masa lagwanin nan da ya ninka jiki: an kai farashi 2412, masu sayarwa suka ƙwace dala 8 daga cikin 12 kafin awa ta cika. Launin ma saiti ne kawai, a manhajar ciniki ta MetaTrader 4 za ka iya tarar da baƙi da fari.

A nan ne raina ke ɓaci da masu tallan "sigina" a waya. Suna karɓar jika biyar, su turo hoton da aka yanke masa gefe, babu farashi, babu lokaci, su ce kore saye, ja sayarwa. Sannan yaro ya zo wurina yana tayin rabin kuɗin darasi, wai can sun fi araha, bayan sun riga sun cinye masa jari.

Abin da suke yankewa shi ne mafi muhimmanci: tsawon lokacin kowane kyandir. M15 minti 15 ne, H1 awa ɗaya, H4 awa huɗu, D1 yini guda. Kyandir ɗinmu na H1 bai faɗa maka ko 2412 aka fara taɓawa ko 2395 ba. Danna M15, zai rabu huɗu, ka ga yadda abin ya gudana. Haka kuma jajaye biyar a jere a M15 za su iya zama ɗan lagwani kawai a jikin koren D1.

Kyandir na ƙarshen dama kuwa bai gama ba. Yana iya zama kore da ƙarfe goma da rabi, ya rufe ja da sha ɗaya, don haka ba ma yanke masa hukunci sai ya rufe. A duba agogon manhaja kuma, don ba lallai ya dace da namu ba. Inda ake bin agogon duniya na UTC, kyandir na yini yana rufewa da ƙarfe ɗaya na dare agogon Nijar, kuma nakan sa ɗalibi ya daidaita wannan tun ranar farko kafin mu wuce darasi na biyu.