Ranar da lissafina ya ce faifan inji ya fi sauti gudu

Tambayar da malamin fiziks ya ba mu gajera ce, layi huɗu kacal. Inji yana juyi 2400 a minti ɗaya, wato 2400 rpm kamar yadda ake gani a agogon inji, ƙarfin murɗawarsa kuma 150 N·m. A bayan injin akwai faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke juyawa tare da shi, kuma daga tsakiyar faifan zuwa bakinsa mita 0.16 ne. Aka ce mu nemo abu biyu: yawan aikin da injin ke yi a kowane sakan, da kuma gudun da bakin faifan ke yi.

Na san dabarun biyu da ka, don haka ban tsaya wata-wata ba. Na farko P = τω, inda P yake nufin aikin da injin ke yi a sakan, τ kuma ƙarfin murɗawa. Na biyu v = ωr, inda v yake nufin gudun bakin faifan, r kuma tsawon da ke tsakanin tsakiyarsa da bakinsa. Na ɗauki 2400 na cusa a gurbin ω. Sai 150 sau 2400 ya ba ni wat 360,000, wato kilowat 360, 2400 sau 0.16 kuma ya ba ni mita 384 a sakan. Na ja layi biyu a ƙarƙashin kowace amsa, na kai wa Malam takardar.

Bai sa mini jan biro ba. Ya ɗora yatsa a kan 384 ɗin, ya ɗago ya dube ni.

“Sauti fa, mita nawa yake ci a sakan cikin iska?”

“Wajen 343, Malam.”

“To kana nufin bakin faifan nan ya fi sauti gudu ke nan? Koma ka zauna. Kada ka sake taɓa kalkuleta sai ka iya faɗa mini abin da ω yake ƙirgawa.”

Na koma na zauna jikina a sanyaye, domin gaskiya ban san amsar ba. Na san ana ce masa gudun juyawa, na kuma san ana rubuta rad/s a gefensa, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina mene ne radiyan ɗin ba. A wurina rpm da rad/s duk sunan abu ɗaya ne, saurin juyawa.

Abin da ya buɗe mini ido zare ne. Na zana da’ira a bayan takarda, na tsinke zare daidai tsawon da ke tsakanin tsakiyar da’irar da bakinta, na lanƙwasa shi na kwantar a kan bakin da’irar. Na ja layi daga tsakiya zuwa inda zaren ya fara, na ja wani zuwa inda ya ƙare. Kusurwar da ke tsakanin layukan nan biyu ita ce radiyan ɗaya, kusan digiri 57.3. Da na ci gaba da kwantar da zaren ina zagaya da’irar, sai ya shiga sau shida, ya bar ɗan guntu da bai kai sulusin zaren ba. Shida da ɗan guntun nan shi ne 2π, wato 6.283. Ashe juyi ɗaya cikakke radiyan 6.283 ne, komai girman da’irar, komai ƙanƙantarta.

Daga nan na ga inda na yi ɓarna, kuma ɓarnar biyu ce a dunƙule. Lambar 2400 tana ƙirga juyi, alhali dabarar tana son radiyan. Tana kuma ƙirgawa a minti, alhali dabarar tana son sakan. Sai na gyara su ɗaya bayan ɗaya. Minti ɗaya sakan 60 ne, saboda haka juyi 2400 a minti juyi 40 ne a sakan. Kowane juyi kuma radiyan 2π ne, don haka 40 sau 6.283 ya ba da 251.3. A layi ɗaya ga yadda yake:

ω = 2400 × 2π ÷ 60 = 251.3 rad/s

Da na sa wannan a dabarar gudun bakin faifan, 251.3 sau 0.16 ya ba ni mita 40.2 a sakan. Tunda an riga an kama ni sau ɗaya, ban yarda da amsar haka nan ba, sai na bi ta wata hanyar da babu radiyan a cikinta sam. Kewayen faifan 2π sau 0.16 ne, wato mita 1.005, mita ɗaya da ɗan ɗoriya. Idan ka ɗiga fenti a bakin faifan, ɗigon zai ci wannan tafiyar sau 40 a kowane sakan. Arba’in sau 1.005 kuwa 40.2 ne. Hanyoyin biyu suka haɗu a wuri ɗaya, kuma a lokacin ne na fahimci cewa v = ωr ba wata sabuwar doka ba ce. Ma’anar radiyan ce kawai aka sake faɗa: duk radiyan ɗaya da faifan ya juya, bakinsa ya yi tafiyar r ɗaya. Shi ya sa dabarar ba ta karɓar juyi, ba ta kuma karɓar digiri. Da radiyan aka gina ta, kuma da shi kaɗai take aiki ba tare da an ƙara mata wata lamba ba.

Ɓangaren aikin injin ya fi ɗaukar hankalina, don a nan na daɗe. Amsar dai ta fito, 150 sau 251.3, wat 37,700 ko kilowat 37.7, wanda ya kai ƙarfin doki hamsin da ɗan kai. Amsata ta farko, kilowat 360, ta haura ƙarfin doki 480, abin da ƙaramin inji mai murɗawar 150 N·m ba zai taɓa bayarwa a wannan gudun ba. Amma me ya sa murɗawa sau radiyan a sakan take ba da wat? Sai na ɗauka cewa ƙarfi F ne yake tura bakin faifan yana zagayawa da shi. A juyi ɗaya ƙarfin ya yi tafiyar 2πr, aikin da ya yi kuwa ƙarfi sau tafiya ne, F sau 2πr. To F sau r ai shi ne murɗawar. Ke nan aikin juyi ɗaya shi ne murɗawa sau 2π, wato 150 sau 6.283, jul 942.5. Injin yana maimaita wannan sau 40 a sakan, jimilla jul 37,700 a sakan, kuma jul ɗaya a sakan shi ake kira wat. Ashe 2π ɗin ba ado ba ne da aka liƙa wa lissafin, tsawon hanyar da ƙarfin ya bi ne.

Na mayar wa Malam takardar. Ya karanta, ya gyaɗa kai, sannan ya ce, “Yauwa. Yanzu dubi wannan.” Ya nuna mini wata takardar da ya naɗe wurin sunan mai ita. Mai takardar ya raba 2400 da 60 ya sami 40, sai ya tsaya nan ya rubuta 40 rad/s. Amsoshinsa suka zama kilowat 6 da mita 6.4 a sakan. A ganina wannan kuskuren ya fi nawa haɗari. Nawa yana ihu, duk wanda ya duba zai ga abin ya wuce hankali. Nasa kuwa shiru yake, domin akwai injin da ke ba da kilowat 6, kuma mita 6.4 a sakan ba ya tayar wa kowa hankali. Ya gyara lokacin, ya manta kusurwar. Arba’in ɗin nan juyi ne a sakan, abin da ake rubutawa da f, kuma tsakaninsa da ω akwai sauran 2π.

Tun daga ranar nake rubuta ma’auni a gefen kowace lamba, ina soke su da biro kamar yadda ake soke lambobi a sama da ƙasan layin rabawa. Juyi yana sama a 2400 juyi/minti, don haka dole wani juyin ya zo a ƙasa, wato 2π radiyan/juyi. Minti yana ƙasa, dole wani mintin ya zo a sama, wato minti 1 a kan sakan 60. Idan na gama sokewa na ga ba radiyan da sakan ne kaɗai suka rage ba, to na san na juya wani abu baibai. Wannan ya fi mini haddar “a ninka da 2π a raba da 60”, domin hadda tana iya kifewa a ɗakin jarrabawa, mutum ya ninka da 60 ya raba da 2π, ya sami 22,918 bai ankara ba.

Akwai kuma gwajin ido da nake yi kafin in taɓa kalkuleta. Idan aka raba 2π da 60 ana samun 0.1047, kusan ɗaya bisa goma ke nan. Saboda haka rad/s kullum yana kusa da kashi ɗaya cikin goma na rpm, da ɗan ƙari da bai kai biyar cikin ɗari ba. A 2400 ina sa ran ganin abin da ya ɗara 240 kaɗan, sai ga 251. A 3000 ina jiran abin da ya ɗara 300, kuma 314.2 ne. Na ga 40 ko dubu ashirin, ba sai an faɗa mini ba. Sai dai gwaji ne kawai, ba a kai shi cikin amsa. Wanda ya yi aiki da 240 a maimakon 251.3 zai rasa kusan kilowat biyu a wannan tambayar.

Mako guda bayan haka aka ƙara wa tambayar reshe: a nemo kuzarin da ke ajiye a cikin faifan, da dabarar ½Iω², inda aka ba mu I = 0.2 kg·m², wato ma’aunin nauyin faifan da yadda nauyin ya bazu daga tsakiya. A nan ω sau kansa ake yi, don haka duk kuskuren da ke cikinsa shi ma sau kansa yake zama. Amsar gaskiya wajen jul 6,300 ce. Na gwada da 2400 da gangan don in ga girman ramin da na tsallake, sai ga jul 576,000, ninki 91 na amsar. Wannan 91 ɗin 9.55 ne sau 9.55, shi kuwa 9.55 ɗin 60 ne aka raba da 2π. Saboda wannan ninkawar ne ma nake barin ω a matsayin 80π har zuwa layin ƙarshe, ba na gutsure shi tun da wuri.

Da na kai wannan aikin, Malam ya duba layin farko inda na soke juyi da juyi, minti da minti. Ya sa hannu a ƙasa, ya miƙo mini tambaya ta gaba: injin ya tashi daga 900 rpm zuwa 2400 rpm cikin sakan biyar. Kafin in kai wurin zamana na riga na san lambobin da zan fara rubutawa, 94.2 da 251.3.