Kafin kashi 140 ya ruɗe ku a takardar mai neman aikin talla

Ƙannena da aka fara ba ku aikin tace takardun masu neman aikin sayar da kaya, in kun ga mutum ya rubuta cewa ya cika kashi kaza na cinikin da aka yanka masa, ku fara tambaya: kashi kaza na nawa? Rashin yin wannan tambayar ya taɓa jawo mana asarar kusan shekara guda, kuma ni na jawo.

Kamfaninmu yana sayar da kayan sola ga asibitoci, makarantu da ƙananan masana'antu. Sanarwar da muka fitar ta faɗi komai: ana son cinikin naira miliyan 120 a shekara, a Kano da Jigawa da Katsina, kuma ciniki ɗaya yakan kai miliyan 8. Mutum biyu suka rage a hannuna. Na farko ya rubuta kashi 140, na biyu kashi 92. Na ɗauki na farko.

Da na zauna na yi lissafi, da na ga abin tun a ranar. Na farkon sabulu da omo yake rarrabawa a Kasuwar Singa da kewayenta, abin da aka yanka masa miliyan 30 ne, wato ya sayar da na miliyan 42. Na biyun janareto yake sayar wa asibitoci, an yanka masa miliyan 100, ya kawo 92. Wanda ya "gaza" ɗin shi ne ya fi kusa da 120 ɗinmu, nesa ba kusa ba.

Amma babban abin da ya kayar da mu shi ne girman ciniki. Ku raba 120 da 8, za ku samu 15. Ciniki 15 kacal muke nema a shekara, sai dai kowanne yana cin watanni. Sai an je an auna wutar da asibitin yake sha, a rubuta farashi, a zauna da mai asibitin, akanta ya ce kuɗin ya yi yawa, a rage batir, a sake rubutawa, sannan a jira. Yaron da na ɗauka ya saba da cinikin dubu 50, inda mai shago zai ce "sauke katan biyar" a gama magana a tsaye. Ba rago ba ne, wallahi ya fi kowa sammako. Amma in ya kai farashi aka yi mako biyu shiru, sai ya ɗauka an ƙi, ya nufi wani wurin. Abokan ciniki da dama da suka kusa sa hannu, a haka suka suɓuce. Har yau abin yana damuna, domin ni na ɗora masa kayan da bai taɓa ɗauka ba.

Sai yanki. Shagunan da ya yi wa talla a Singa gadonsu ya yi daga wanda ya riga shi, kuma duk a ƙafa ake zagaya su. Mu kuwa muna son wanda zai tashi daga Kano ya shiga Haɗejiya, Gumel ko Funtuwa, inda ba wanda ya san sunanmu, ya ƙwanƙwasa ƙofa da kansa. Saboda haka ku tambayi mai neman aiki: cikin abokan cinikinka, nawa ka tarar, nawa ka samo? Wanda ya samo da kansa zai faɗa muku sunan garin da yadda aka fara ba tare da inda-inda ba.

Akwai kuma tarkon shekara. Bayan da aka saki darajar naira a Yunin 2023, farashin kaya ya yi ta hawa, don haka wanda aka yanka wa adadi a watan Janairu zai iya zarce shi alhali bai ƙara ko katan ɗaya ba. In takarda ta nuna ƙwazo a 2023 ko 2024, ku nemi adadin kayan da ya fita, ku ajiye na naira gefe.

Yanzu kafin in kira kowa ganawa, nakan rubuta abu uku daga sanarwarmu a saman takarda: kuɗin shekara, girman ciniki ɗaya, da yanki. Sai in cike nasa a ƙarƙashi. Inda ya rubuta kashi kawai bai faɗi kuɗi ba, ita ce tambayata ta farko. Ta biyu: ku nawa ne a sashenku, kuma mutum nawa suka cika nasu? In kowa ya cika, adadin ne mai sauƙi. In mutum biyu cikin goma ne suka kai, to kashi 92 ma abin dubawa ne sosai. Sannan nakan roƙe shi ya nuna mini takardar kamashonsa ta 'yan watanni, ya rufe sunayen abokan ciniki in yana so, domin kamfani ba ya biyan kamasho a kan cinikin da ba a yi ba.