Tara ce ko huɗu? Abin da hoton wata takardar fili ya koya mini

Shekara shida ke nan ina buga wa mutane takardu a wani ɗan shago a Jekadafari, cikin garin Gombe. Da, mutum kan zo da takardarsa a hannu, ya zauna a benci, in na ci karo da kalmar da ban gane ba in juya in tambaye shi. Yanzu rabin aikin ta WhatsApp yake shigowa, kuma sau da yawa hoto ne tsura, ko sallama babu.

Wata Laraba da daddare wani dattijo da na taɓa buga wa katin ɗaurin aure ya turo mini irin wannan hoton. Falle ne da aka yago daga littafin 'yan makaranta, an rubuta da shuɗin biro, an ninke shi gida huɗu har layin ninkin ya yi baƙi. A hasken tocila aka ɗauka, inuwar hannu ta rufe kusurwar dama. Na dai gane takardar cinikin fili ce a wajen Tumfure, ƙafa 50 da 100. Kuɗin kuwa daidai kan ninkin ya faɗo: lambar farko ko 4 ce ko 9, sai 50,000 a bayanta. Na zuƙo hoton, na ƙura ido, na yanke cewa 4 ce. Na gyara Hausar inda ta karkace, na tsallake wani layi da aka ja wa biro a kai, na buga tsaf. A raina na yi aikin kirki, na hutar da dattijo.

Da hantsi ya zo, na karanta masa. Ina kaiwa kan "naira 450,000" ya ɗaga hannu.

"Ɗana, wa ya ce maka huɗu ce?"

Ya zaro takardar daga aljihun gaba, ya juya bayanta. Ashe akwai rubutu a can: an biya 600,000, saura 350,000 bayan girbi, sai sunayen shaidu uku da dangwalen mai sayarwa. Shida da uku da rabi, 950,000 ke nan. Layin da na tsallake kuma shi ne ranar cika ragowar kuɗin, wadda aka soke aka sauya, kuma a kanta ake jayayya. Gaban mai unguwa zai kai takardar, yana son kwafin da kowa zai iya karantawa ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya ba. Da ya tafi da abin da na buga, da ɗaya ɓangaren ya ce an yi wa takarda coge, kuma da wuya a ga laifinsu. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, domin mutuncin dattijo ne na kusa zubarwa da hannuna.

Tun daga ranar, tambayata ta farko ba "a sake turo hoton" ba ce, ko da yake ita ce ke fara zuwa baki. Cewa nake yi: me za a yi da takardar, kuma gaban wa za ta je? Hoto ɗaya yana iya nufin aiki huɗu mabambanta. Wani so yake a kwafe yadda take. Wani so yake a gyara masa ta yi kyau. Wani fassara yake nema zuwa Turanci saboda lauya ko banki. Wani ma karatu kawai yake so a yi masa, don idonsa ya yi rauni ko bai yi boko ba, kuma kunya ta hana shi faɗa. In wasiƙar neman aiki ce, gyara taimako ne. In yarjejeniya ce da aka riga aka sa wa hannu, gyara ɓarna ne, har kuskuren rubutun ma barinsa ake yi, abin da aka soke kuma a nuna cewa an soke shi. Amsar wannan tambaya ita ke gaya mini yawan dishi-dishin da zan iya haƙura da shi. Jawabin walima, in kalma ɗaya ta ɓace, ma'anar jimla za ta nuna ta. Adadin kuɗi ba shi da jimlar da za ta cece shi.

Daga nan sai in tambaya ko shafin ke nan gaba ɗaya, ko akwai rubutu a baya ko wani falle. Alamun sukan nuna kansu: jimlar ƙarshe ta tsaya a tsakiya, ko an ce "shaidu" ba a ga sunaye ba, ko yarjejeniya babu kwanan wata. A takardar dattijon babu sa hannu ko ɗaya a fuskar da na gani. Wannan kaɗai ya isa ya tsayar da ni, amma hankalina na kan lamba.

Sai maganar ko ainihin takardar tana hannun wanda ya turo. Wannan ita ke raba hanya biyu. In tana hannunsa, sake ɗauka abu ne na minti biyu, amma sai ka faɗi yadda za a yi, in ba haka ba hoto na biyu zai zo kamar na farko. Nakan tura saƙon murya, don yawancin masu turo irin wannan ba sa son dogon rubutu: a goge gilashin kyamara da gefen riga, a fita inuwa da rana, a shimfiɗa takardar a kan abu mai faɗi a danne gefunanta, a riƙe waya daidai samanta, a taɓa tsakiyar allon har rubutun ya fito, kada a kunna fitilar waya don tana ƙyalli a kan tawada. Wajen turowa a zaɓi Document maimakon hoto, domin WhatsApp yana matse hotuna ya rage musu ƙarfi, ko aƙalla a danna HD. In kuwa shi ma turo masa aka yi, takardar tana Kumo ko Dukku, to hoton ba zai gyaru daga wurinsa ba. Sai in tambayi wa ya rubuta, kuma ko za a same shi a waya ya karanto.

Lambobi da sunaye kuwa, ko hoto ya fito tar, sai an karanto mini da baki. A rubutun hannu 1 da 7 suna kama, haka 3 da 8, haka 0 da 6. Mutanenmu da yawa ba sa sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, sai ka rasa ko "kafa" ake nufi ko "ƙafa". Hassan da Hussaini, in biro ya yi gudu, ɗan bambanci ne a ido, amma mutum biyu ne a gaban alƙali. Inda aka rubuta kuɗi da lamba da kuma kalmomi, ina gwada su. Inda akwai abin da aka biya da ragowa, ina haɗawa in ga ko sun ba da jimla. Abin da ya gagara, gurbi nake bari in ja layi a ƙarƙashinsa, in gaya wa mai takarda gurbi nawa na bari da inda suke.

Akwai masu jin haushin tambayoyin. Wani ya taɓa ce mini, "Malam, kai dai buga kawai." Na ce masa zan buga, amma ya ba ni minti ɗaya ya karanto mini lambobi uku. Ya karanto, ɗaya ta saɓa da abin da na gani.

Dattijon nan kuwa, a ranar muka zauna a benci, yana riƙe da takardar, ina bugawa layi bayan layi ina maimaita masa. Layin da aka soke na buga shi da zane a kansa, sabuwar ranar a gefe, kamar yadda yake a asali. Na haɗa masa da hoton takardar gaba da baya, na ce, "Baba, ta hannun nan ita ce hujja, dangwalen yana jikinta, kada ku bar ta a wurin kowa." Ya ninke ta a kan tsohon ninkinta, ya mayar aljihu, ya nufi gidan mai unguwa.