Yadda na warware amsoshin takardar bincike zuwa jadawali

Takardar tambayoyin binciken harkokin kuɗi da muka aika wa reshenmu na Zariya ta dawo ranar wata Laraba: tambayoyi 36, kusan duka an amsa da "Eh". Shugabata ta leƙa ta ce, "Madalla, ai ba su da matsala." Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, domin takardun da aka haɗo da amsoshin guda 7 ne kacal.

Na buɗe Excel na yi ginshiƙai shida: lambar tambaya, abin da aka tambaya, amsarsu, hujjar da ya kamata a gani, halin da hujjar take ciki, sai tambayar da zan sake yi musu. Na huɗun ne ya fi cin lokaci, domin sai ka zauna ka tambayi kanka: idan wannan amsa gaskiya ce, wace takarda za ta bari a baya?

Tambaya ta 14 ce ta koya mini aikin. Mun rubuta: "Ana daidaita lissafin banki da littafin kuɗi kowane wata, kuma wani daban yana dubawa ya sa hannu?" Akanta ya rubuta, "Eh, kullum", ya haɗo na watan Maris. Da farko layi ɗaya na ba ta, har na kusa rubuta cewa an kawo hujja. Da na sake karantawa sai na ga tambayoyi biyu muka cusa a ɗaya, laifin namu ne ba nasa ba. Na raba ta 14a da 14b. A 14a, watanni 12 muke bincika, takarda ɗaya ke hannuna, saboda haka hujjar ba ta cika ba. A 14b kuwa, takardar Maris ɗin sa hannun akanta kaɗai ke jikinta, gurbin mai dubawa fayau. Wato abin da aka kawo don ya tabbatar da amsar shi ne ya raunana ta. Da na bi sauran tambayoyin da wannan ido, 36 suka koma layuka 51.

Kuskuren da na yi a nan har yanzu yana damuna. Duk inda ban ga takarda ba, sai na rubuta "babu". Da daftarin ya isa Zariya, akanta ya kira ni ransa a ɓace: "Malam, ka ce babu rajistar kadarori. Ga ta nan a kan teburina, ba wanda ya ce in aiko." Gaskiyarsa ce. Abin da ba a kawo ba daban, abin da babu shi daban, kuma na biyun zargi ne da sai ka tabbatar kafin ka rubuta a kan mutum. Daga ranar na taƙaita ginshiƙin halin hujja ga zaɓi huɗu, na kulle su da Data Validation, tsarin Excel da ke hana a rubuta wani abu daban: "an gani", "ba ta cika ba", "ba a kawo ba", "sun ce babu". Na ƙarshen ba na zaɓarsa sai su da kansu sun faɗa a rubuce. Ƙirgawa ta zama mai sauƙi:

```
=COUNTIF(E2:E52,"ba a kawo ba")
```

Amsarsu ma na daina gyara ta. Yadda suka rubuta haka nake kwafewa, domin "muna ƙoƙarin yi" ba "muna yi" ba ne, kuma mai taƙaitawa yakan share bambancin bai sani ba. Kwafewar ce ta sa na lura cewa a tambaya ta 9 an ce kashiya kaɗai ke riƙe makullin sef, a ta 27 kuma an ce idan tana hutu akanta ke kai kuɗi banki. To da wane makulli yake buɗewa? Ban kira shi saɓani ba, na haɗa lambobin biyu a layi ɗaya na tambaya ko akwai takardar miƙa makulli.

Tambayoyin bibiya na farko da na rubuta irin su "A ƙara bayani" ne, kuma ƙarin "Eh" kawai za su jawo. Na sauya su: "A aiko da takardun daidaita lissafi na Yuni, Satumba da Disamba, kowace tare da bayanan asusu daga banki na watan, kafin Juma'a. Wa ke dubawa bayan akanta?" Ni na zaɓi watannin, domin idan ka bar wa mutum zaɓi, wanda ya fi kyau zai ɗauko maka.

Ranar Juma'a takardun Yuni da Satumba suka iso, su ma ba sa hannun mai dubawa. Manajan reshe ya rubuto cewa yana dubawa, sa hannu ne bai saba yi ba. Na kwafe maganarsa a layin 14b, na mayar da shi "sun ce babu", na bar 14a a buɗe har na Disamba ya zo.